Lissafi da Bakin Mutane: Yadda Ake Haɗa Su a Rahoton Bincike Ɗaya

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri na biyu a fannin ilimi, ko lafiyar al'umma, ko nazarin zamantakewa, ya san fasalin babi na huɗu. Da farko jadawali ne bayan jadawali: mutum nawa suka amsa takardar tambayoyi, kashi nawa suka ce e, kashi nawa suka ce a'a. Sai a juya shafi a tarar da wani sashe dabam mai taken sakamakon hira, inda aka jera jigogi, kowanne da maganar mutum biyu ko uku a ƙarƙashinsa. A ƙarshe marubucin ya rufe da cewa hirar ta tabbatar da abin da ƙididdiga ta nuna. Ta yaya ta tabbatar? Wane jadawali, wace magana? Ba a faɗa ba. An bar wa mai karatu ya haɗa da kansa.

Wannan ba matsalar ɗalibanmu kaɗai ba ce. A shekarar 2006 wani masanin zamantakewa na Ingila, Alan Bryman, ya bi maƙalu 232 da suka haɗa hanyoyin biyu, ya ga cewa sau da yawa dalilin da marubuta ke bayarwa na haɗawar dabam yake da abin da suka aikata a cikin rubutun. Tara bayanai iri biyu ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana wurin rubutawa, lokacin da za a sa lamba da magana su zauna a sakin layi ɗaya, kowace ta yi aikin da ɗayar ba za ta iya ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda ake yi ita ce a bi bincike guda daga tushe, kuma akwai wani na Amurka da ya dace ƙwarai, domin a cikinsa lissafin ya fito da abin da babu wanda ya zata.

Iyalai 4,600 da ƙuri'a

Tsakanin 1994 da 1998 ma'aikatar gidaje ta gwamnatin Amurka ta gudanar da wani shiri mai suna Moving to Opportunity a birane biyar: Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York. An ɗauki iyalai kimanin 4,600 masu yara, waɗanda ke zaune a gidajen gwamnati a unguwannin da talauci ya yi katutu. Akasarinsu mata ne ke riƙe da gidan su kaɗai. Aka jefa ƙuri'a aka raba su gida uku. Rukuni na farko an ba su takardar tallafin haya, da sharaɗin su koma unguwar da matalauta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, aka kuma haɗa su da masu ba da shawara wajen neman gida. Rukuni na biyu an ba su takardar ba tare da sharaɗi ba. Na uku ba a ba su sabon abu ba, don a samu abin kwatantawa. Amfanin ƙuri'ar shi ne rukunonin sun fara daidai da juna, saboda haka bambancin da ya bayyana daga baya ana iya ɗora shi a kan tayin ƙaurar.

Bayan shekara huɗu zuwa bakwai aka koma aka yi musu tambayoyi, rahoton ya fito a 2003. Manya ba su samu ƙarin aiki ko ƙarin albashi ba, abin da masu shirin suka fi sa wa rai ke nan. Amma hankalinsu ya fi kwanciya, damuwa ta ragu. Sai batun matasa, wanda ya ɗaure wa kowa kai. 'Yan matan da iyalansu suka samu takardar sun fi takwarorinsu lafiyar ƙwaƙwalwa da nisantar halaye masu haɗari. Samari kuwa ba su amfana ba, a wasu ma'aunan ma sun fi na rukunin kwatance shiga matsala, har da yawan kamun 'yan sanda a kan laifin taɓa dukiyar mutane.

Gida ɗaya, unguwa ɗaya, tallafi ɗaya: ƙanwa ta samu sauƙi, yayanta ya ƙara shiga uku. Ƙididdiga ta iya nuna cewa hakan ya faru, ta kuma nuna girmansa. Dalili kam ba ta da shi, domin takardar tambayoyi ba ta amsa abin da ba a tambaya ba.

Abin da matasa 86 suka ƙara

Susan Clampet-Lundquist da Kathryn Edin da Jeffrey Kling da Greg Duncan sun wallafa maƙala a 2011 wadda ta tunkari wannan ɗaurin kai. Sun dogara ga doguwar hira da matasa 86 a Baltimore da Chicago, maza da mata, daga iyalan da ke cikin shirin. Abin lura a tsarin tawagar shi ne Kling masanin tattalin arziki ne da ya yi aikin lissafin shirin, Edin kuwa ta yi suna a zama da talakawa tana sauraronsu. Wannan ya nuna a rubutun: tambayar da hirar ta bi daga lissafin ta fito.

Sun gano cewa maza da mata ba wuri ɗaya suke kashe lokacinsu ba. Samari sun saba taruwa a bakin titi da filin ƙwallo, abin da ba kowa ke ɗaga ido a kansa ba a tsohuwar unguwa. A sabuwar unguwa wannan zaman ya zama abin zargi, maƙwabta su sa ido, 'yan sanda su tsaya. 'Yan mata sun fi zama a gida, ko gidan ƙawa, ko zuwa kantuna, kuma wannan ya yi daidai da yadda ake rayuwa a inda suka koma. Samarin da ba su ƙaura ba sun koyi dabarun kauce wa fitina, sun san lungun da ba a bi da lokacin da ba a fita. Waɗanda suka ƙaura, musamman idan iyalinsu sun sake komawa unguwar talakawa daga baya, ba su da wannan wayon. Ƙaurar ta kuma nisanta samari da mazan da ke tsaya musu a matsayin uba. Wani binciken hira dabam, wanda Susan Popkin da abokan aikinta suka yi a Boston da Los Angeles da New York, ya ƙara ɓangaren 'yan mata: barin tsohuwar unguwa ya rage musu tsoron cin zarafi da matsin lambar maza.

To yanzu ga marubuci da abubuwa biyu a gabansa. Yaya zai rubuta?

Sakin layi ɗaya, aiki huɗu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsara rahoto bisa hanyar da aka bi wajen tara bayanai: na takarda a nan, na hira a can. Mai karatu bai damu da hanya ba sai don ya san ko zai yarda. Abin da yake nema shi ne me aka gano. Saboda haka kan kowane sashe ya kamata ya zama magana ce da ake son kafawa, misali cewa ƙaura ta amfani 'yan mata fiye da samari, sannan a kira shaidu biyun su yi bayani a ƙarƙashinta. Michael Fetters da Leslie Curry da John Creswell, a wata maƙala ta 2013 da ake yawan koyarwa, sun kira wannan salon saƙa, suka bambanta shi da salon jera sassan biyu kusa da juna, da kuma salon fitar da su a rahotanni dabam-dabam.

A aikace, sakin layin zai buɗe da abin da lissafi ya kafa, a faɗi a kan wa, kuma idan aka kwatanta da wa: samarin iyalan da aka yi wa tayin takardar an fi kama su a kan laifin dukiya fiye da samarin iyalan da ba a yi wa ba. Jimla ta biyu ta faɗi inda lissafin ya tsaya, wato bai nuna ta wace hanya hakan ya faru ba. Wannan jimlar ita ce gada, kuma ita ce aka fi mantawa, shi ya sa maganganun mutane ke faɗowa cikin rahoto kamar daga sama. Daga nan sai jigon hira ya shigo a cikin kalmomin marubucin, a ce samarin da aka zanta da su sun bayyana yadda zaman bakin titi ya jawo musu idon maƙwabta da 'yan sanda, sannan a kawo maganar mutum ɗaya da ta nuna abin ƙarara. A ƙarshe marubucin ya faɗi abin da shaidun biyu suka haifar tare, wanda babu ɗayansu da ya faɗa shi kaɗai. A nan abin yana da nauyi: mai yiwuwa wani ɓangare na ƙarin kamun ba ƙarin laifi ba ne, ƙarin sa ido ne. Lissafi bai san da sa ido ba. Hira ba ta san cewa kamun ya ƙaru a dubban iyalai ba. Sai da aka haɗa su tambayar ta fito.

A lura da kalmar "mai yiwuwa". Ba tsoro ba ne. Ƙuri'a ce ta ba lissafin ikon cewa tayin ƙaura ya jawo bambancin. Hira da mutum 86 ba ta da wannan ikon. Tana nuna hanyar da abin zai iya bi, ba ta auna rabon kowace hanya ba. Marubucin da ya rubuta cewa hira ta tabbatar da dalili ya ari ƙarfin ƙuri'a ya ba abin da bai mallake shi ba. Ni a ganina, fi'ilin da aka zaɓa shi ne ke nuna ko mutum ya fahimci bincikensa: lissafi ya nuna, ya auna, waɗanda aka zanta da su sun bayyana, sun kwatanta.

Kaso cikin ɗari ba na hira ba ne

Akwai jarabar da ke kama kusan kowa, ta mayar da hira ƙaramar ƙididdiga. A ce kashi kaza na samarin da aka zanta da su sun ambaci 'yan sanda. A yi lissafin da kyau a gani. Idan aka raba 86 gida huɗu, maza da mata, waɗanda aka ba takarda da waɗanda ba a ba ba, kowane gida zai tashi da mutum ashirin da ɗoriya a matsakaici. A irin wannan adadin, mutum ɗaya kusan kashi 5 ne cikin 100. Yaro biyu su yi shiru a kan wani batu don sun gaji, ko don mai tambaya bai bi ta wurin ba, kaso ya sauka da kashi goma. Ga shi kuma a hira ba kowa ake yi wa tambaya iri ɗaya ba, don haka rashin ambato ba ya nufin abin bai faru ba.

Ba ana cewa kada a ƙirga ba. Mai karatu yana da haƙƙin sanin ko jigon daga bakin mutum uku ya fito ko daga bakin mafi yawa. A faɗi adadin a fili, mutum kaza cikin kaza, a bar kaso cikin ɗari ga takardar tambayoyi. Idan kaso biyu suka zauna a layi ɗaya, ɗaya daga dubban iyalai ɗaya daga mutum ashirin, ido zai ba su nauyi ɗaya ko da marubucin bai yi niyya ba.

Haka batun zaɓen magana. Maganar da ta fi daɗin karantawa sau da yawa ta fi kowace nisa da abin da akasarin mutane suka faɗa. Idan za a kawo ta, a gaya wa mai karatu cewa ita ce ta fi tsanani. A kuma ba wanda ya saɓa wa jigon wuri, kamar saurayin da ya ƙaura kuma ya zauna lafiya, domin shi ne ke nuna iyakar bayanin.

Shin mutane ɗaya ake magana a kansu?

Wannan tarkon ya fi ɓoyuwa. A shirin na Amurka, kusan rabin iyalan rukunin farko ne kawai suka iya amfani da takardar suka ƙaura. Sauran ba su samu gida ba, ko sun fasa. Babban lissafin yana kwatanta duk waɗanda aka yi wa tayi da duk waɗanda ba a yi wa ba, ko sun tashi ko ba su tashi ba, domin ta haka ne kawai adalcin ƙuri'ar ke tsayawa. Labarin sabuwar unguwa kuwa daga bakin waɗanda suka tashi kaɗai zai fito. Idan marubuci ya ɗora labarin kai tsaye a kan lambar bai ce komai ba, ya haɗa mutane biyu dabam ya kira su mutum ɗaya. Ƙari a kan haka, lissafin na birane biyar ne, hirar ta biyu ce.

Maganin wannan shi ne jadawalin haɗaka, wanda ya kamata a zana tun kafin a fara rubutu. Kowane layi magana ɗaya ce da ake son kafawa. A gefenta a sa lambar da ke goyon bayanta da mutanen da aka samo ta daga gare su, sai jigon hira da mutanen da suka faɗe shi, sai gurbi na ƙarshe inda za a rubuta yadda suka haɗu: sun yi daidai, ko ɗaya ya faɗaɗa ɗaya, ko sun saɓa. Layin da gurbinsa na hira ya zama fanko yana nufin lambar za ta tsaya ita kaɗai, a faɗi haka. Layin da ba shi da lamba yana nufin mutane sun kawo abin da takardar ba ta tambaya ba, kuma sau da yawa nan ne sabon abu yake.

Shirin kansa ya nuna haka tun da wuri. Kling da Jeffrey Liebman da Lawrence Katz, dukansu masana tattalin arziki, sun fara aikin Boston da tunanin aikin yi da albashi. Da suka zauna da wasu iyaye mata suka saurare su, sai suka ji cewa tsoron harsashi da 'yan daba ne ke tsara musu yini gaba ɗaya, uwa ba ta iya barin yaro ya fita daga idonta. Wannan ya sa suka karkata tambayoyinsu ga tsaro da lafiya, wuraren da daga baya aka ga tasiri mafi girma. A rahoto irin wannan, tsarin labarin ya kamata ya bi yadda abin ya gudana: hira ta zo da farko, ta haifi tambaya, lissafi ya auna ta. Wanda ya juya shi ya sa lissafi a gaba don al'ada ya ɓoye wa mai karatu dalilin da ya sa aka tambayi abin tun asali.

Idan shaidun suka ƙaryata juna

A shirin Amurka hira ta faɗaɗa lissafi. Wani lokaci kuwa karo suke yi kai tsaye. A Newcastle ta Ingila, Suzanne Moffatt da abokan aikinta sun gwada ba tsofaffi masu shekara 60 zuwa sama shawara kan kuɗaɗen tallafin da suka cancanta amma ba sa karɓa. Mutum 126 suka shiga gwajin, aka yi doguwar hira da 25 daga cikinsu. Ma'aunan lafiya ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba. A hira kuwa tsofaffin sun yi ta bayyana yadda ƙarin kuɗin ya sauƙaƙa musu sayen abin masarufi, ya ba su damar fita da dogaro da kai, ya kwantar musu da hankali.

Da sun so, da sun ɓoye ɗaya. Maimakon haka, a 2006 suka wallafa maƙala a kan saɓanin kansa, suka bi shi dalla-dalla. Sun duba ingancin kowane ɓangare, suka ga adadin mutanen gwajin ya yi kaɗan a gano ƙaramin bambanci. Sun duba ko waɗanda aka zanta da su sun bambanta da sauran. Sun sake tara bayanai daga baya. Sun duba ko shirin ya gudana yadda aka tsara. Sai kuma tambayar da ta fi kowace amfani ga marubuci: shin abu ɗaya ɓangarorin biyu ke aunawa? Amsar ita ce ba sosai ba. Takardun sun auna lafiya da ma'aunan da aka saba, tsofaffin kuwa suna magana ne a kan rufin asiri da 'yancin tafiyar da rayuwarsu.

Akwai wani dalilin saɓani da masu bincike a ƙasar Hausa za su gane nan take. Mutumin da aka ba shi taimako, aka zo gidansa aka zauna ana tambayarsa yadda ya ji, da wuya ya ce bai amfana ba. Kunya da kara suna aiki a hira fiye da a takarda, ko da yake takardar ma ba ta tsira ba idan mai tambaya ne ke karantawa yana cikewa. Saboda haka idan hira ta yi daɗi lissafi ya yi shiru, rahoton ya faɗi wanda ya yi hirar, da ko mutane sun ɗauke shi wakilin masu ba da tallafin.

A rubuce, saɓani yana buƙatar sashensa, ba layi ɗaya a ƙarshen babi ba. A ajiye sakamakon biyu gaba da gaba, a jera dalilan da aka gwada, a faɗi wanda aka kawar da wanda ya rage, sannan marubucin ya faɗi inda ya karkata da dalilinsa.

Shekaru da lokaci a cikin jimla

Abu na ƙarshe ƙarami ne a ido: kowace babbar jimla ta ɗauki shekarun mutanen da lokacin da aka auna su. Labarin 'yan mata da samari labari ne na matasa, shekaru kaɗan bayan ƙaura. A 2016 Raj Chetty da Nathaniel Hendren da Katz suka koma kan yaran shirin ta hanyar bayanan haraji, bayan sun girma. Waɗanda iyalansu suka ƙaura da takardar rukunin farko tun ba su kai shekara 13 ba, kuɗin shigarsu a tsakiyar shekarunsu na ashirin ya fi na rukunin kwatance da kimanin kashi 31 cikin 100, kuma ribar ta shafi maza da mata. Waɗanda suka ƙaura bayan sun wuce wannan shekarun ba su samu ribar ba, alamu ma sun ɗan karkata ga hasara.

Wannan bai rushe abin da matasa 86 suka faɗa ba. Bayaninsu a kan zaman bakin titi da idon maƙwabta yana nan a matsayin bayanin abin da ya sami samari a wancan lokacin. Jimlar da ta faɗi ita ce wadda aka rubuta ba shekaru ba lokaci, mai cewa ƙaura ba ta amfanar yara maza.